Yadda Ake Kafa Allon Kanban Mai Iyaka Ga Masu Zanen Da Ayyuka Suka Yi Wa Rubdugu

Duk wanda ya zauna a ɗakin masu zane ya san yadda safiyar Litinin take. Ɗaya yana kan fostar taro, aka turo masa saƙon murya a WhatsApp cewa a canza launin tambarin da ya miƙa makon jiya. Bai gama saurara ba, wani ya leƙo ta ƙofa yana neman katin gayyata "ɗan ƙarami ne, minti biyar". Kafin azahar fayil shida ne buɗe a kwamfutarsa, kuma babu ko ɗaya da zai fita yau. Kowa yana aiki tuƙuru, amma masu jiran aiki suna ta ƙorafi, kuma suna da gaskiya. Taura biyu ba ta taunuwa, balle shida.

Allon Kanban mai iyaka an yi shi ne don wannan matsala. Kalmar Kanban ta Japananci ce, tana nufin kati ko allon sanarwa. A kamfanin Toyota aka raya tsarin, ƙarƙashin Taiichi Ohno, inda sashen da ke gaba ba ya karɓar kaya daga na baya sai yana da buƙata, kuma kati ne shaidar buƙatar. David Anderson ya ɗauko dabarar ya gwada ta a aikin manhaja a Microsoft a 2004, daga nan ta bazu zuwa ayyukan ofis. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda za a kafa shi ga masu zane su huɗu da ke yi wa sassa da yawa aiki lokaci guda. Alƙaluman da zan yi amfani da su na misali ne, kowa ya sa nasa a gurbinsu.

A fara da fito da duk abin da ke hannu

Kada a fara da zana allo. A fara da ƙirga. Ku ware awa ɗaya, kowane mai zane ya ɗauki ƙananan takardu masu mannewa, ya rubuta duk aikin da ya taɓa kuma bai miƙa ba, aiki ɗaya a takarda ɗaya. Har da wanda aka ce masa "ɗan taimaka min" a bakin masallaci, har da wanda ya tura wa mai shi tun wata guda ba a ce masa komai ba. Ya duba WhatsApp ɗinsa da imel da babban fayil ɗin kwamfutarsa, domin ƙwaƙwalwa kaɗai ba za ta tuno rabinsu ba.

A misalinmu, mutum huɗu sun fito da kati 24. Sai a yi tambaya ta biyu: a makonni huɗun da suka wuce, ayyuka nawa aka gama aka miƙa? Aka duba, 32 ne, wato 8 a mako.

Waɗannan lambobi biyu sun isa su nuna inda ciwon yake. Akwai wata ƙa'idar lissafi da John Little ya tabbatar a 1961, wadda ke cewa idan aikin da ke shiga da wanda ke fita sun yi kusan daidai, matsakaicin lokacin da aiki ke ɗauka shi ne adadin ayyukan da ke hannu a raba da adadin da ake gamawa. A nan 24 a raba da 8 ya ba da mako 3. Ma'ana, fostar da zanenta bai wuce awa huɗu ba tana kwashe kimanin sati uku kafin ta fita, domin yawancin rayuwarta a jira take yin ta. Da ayyukan da ke hannu 10 ne kacal, kuma ana gama 8 ɗin nan a mako, da lokacin ya sauko zuwa mako ɗaya da kwata, kusan kwanakin aiki shida.

Ina so in yi gaskiya a nan, domin ana yawan zuzuta wannan lissafi fiye da kima. Rage abin da ke hannu ba ya sa sauran ayyuka 14 su ɓace. Suna nan, sun koma layin jira ne a waje. Ribar ita ce, aikin da bai fara ba ana iya sake masa matsayi, a gabatar da shi ko a jinkirta shi ko a soke shi ba tare da asarar ko awa ɗaya ba. Aikin da aka fara aka bari kuwa, an riga an zuba masa lokaci, kuma duk ranar da aka dawo kansa sai an sake tuno inda aka tsaya, wane rubutu aka yi amfani da shi, wane hoto ne mai aikin ya ce a cire.

Zana gidajen allon

Farin allo da maka sun isa, ko bangon da kowa ke gani daga kujerarsa. A ja layuka daga sama zuwa ƙasa, a raba allon gida-gida. Gidajen su bi ainihin hanyar da aiki ke bi a wurinku, ba wadda kuke fata ba. Ga masu zane, shida sun wadatar.

Na farko daga hagu shi ne Sabbin Buƙatu, inda komai ke sauka, ba shi da iyaka. Na biyu Na Gaba, ayyukan da aka zaɓa kuma kayansu sun cika. Na uku Ana Zane. Na huɗu Dubawar Cikin Gida, inda wani abokin aiki ko shugaban masu zane ke duba kuskuren rubutu, girma da launi. Na biyar Wurin Mai Aiki, wato an tura wa wanda ya kawo aikin ana jiran ya amince ko ya kawo gyara. Na ƙarshe An Miƙa.

A ƙarƙashin sunan kowane gida a rubuta sharaɗin shigarsa da gajeren jimla. Wanda ya fi kowanne muhimmanci shi ne na gidan Na Gaba. Kati ba ya shiga sai an samu abu biyar: cikakken rubutun da za a sa, wanda mai aiki ya tabbatar shi ne na ƙarshe, girman aikin da inda za a yi amfani da shi, bugawa za a yi ko a waya za a gani, hotuna da tambari masu kyau, ba waɗanda WhatsApp ya matse ba, ranar da ake buƙata, da sunan mutum ɗaya tak da ke da ikon cewa "ya yi". Wannan na biyar ɗin shi ne ake yi wa sakaci, shi ne kuma ke kashe mutane. Idan mutum uku ne ke da bakin magana a kan bana ɗaya, za a yi gyara uku masu karo da juna.

Girman kati ma yana da ƙa'ida. Kati ɗaya kada ya wuce aikin kwana biyu zuwa uku. Idan an kawo kamfen mai fosta, bana, fulaya da hotunan kafafen sada zumunta goma, ba kati ɗaya ba ne. A fasa shi: babban zanen da sauran za su kwaikwaya kati ɗaya, kayan bugawa kati ɗaya, na waya kati ɗaya, kuma biyun ƙarshe ba sa shiga Na Gaba sai an amince da na farkon.

Sa iyaka, musamman a gidan da ba a son sa ta

Yanzu a rubuta lamba a saman kowane gida na tsakiya. Lambar ita ce mafi yawan katin da gidan zai ɗauka lokaci guda. Ga mutum huɗu, ina ba da shawarar a fara haka: Na Gaba 5, Ana Zane 4, Dubawar Cikin Gida 2, Wurin Mai Aiki 4. Idan aka haɗa gidaje ukun da aiki ya riga ya fara a cikinsu, 4 da 2 da 4, an samu 10 ɗin da muka lissafa. Ba lambobi ne da aka saukar daga sama ba, mafari ne kawai, za a gyara su bayan an ga yadda suka yi.

Dokar aiki da su guda ɗaya ce. Ba a tura kati gaba, jawo shi ake yi, kuma ba a jawowa sai akwai gurbi. Mai zanen da ya gama fosta, idan ya tarar gidan Dubawa cike yake da kati biyu, fostarsa tana nan a Ana Zane da alamar an gama, shi kuma ba shi da gurbin ɗauko sabon aiki. Abin da zai yi shi ne ya je ya duba ɗaya daga cikin biyun nan, hanya ta buɗe.

A nan ne nake son tsayawa, domin a nan yawancin allunan masu zane ke mutuwa. Kusan kowa yana yarda da iyaka a gidan Ana Zane. Da an zo gidan Wurin Mai Aiki sai a ce, "Ai wannan ba a hannunmu yake ba, me ya sa za mu hukunta kanmu saboda wani bai amsa saƙo ba?" Sai a bar shi ba iyaka. Abin da ke biyo baya kullum iri ɗaya ne. Mai zane ya tura aiki, ya samu gurbi, ya ɗauko sabo, ya tura, ya ɗauko wani. Cikin mako biyu gidan ya tara kati goma sha biyu. Allon yana nuna Ana Zane 4, kowa yana ganin ana bin doka. Sai ranar Alhamis masu aiki bakwai su dawo da gyara a yini ɗaya, kowa yana son nasa kafin Juma'a. An koma gidan jiya, sai dai yanzu da allo a bango.

Aikin da ke wurin mai shi bai ƙare ba. Bashi ne da zai dawo, kuma ba ku ne za ku zaɓi ranar dawowarsa ba. Shi ya sa dole a ƙirga shi. A ƙirgar farko ta misalinmu, cikin katunan nan 24, goma sha ɗaya a wannan gida suka faɗa. Kusan rabin nauyin masu zanen ba zane ba ne, jira ne.

To idan gidan ya cika da huɗu fa, kuma babu wanda ya amsa? Sai aiki ya tsaya a baya, kuma tsayawar ita ce amfanin iyakar. Tana tilasta wa wani ya tashi ya bi sawu. Saƙon rubutu ba ya wadatarwa, a kira waya ko a taka zuwa ofishin mutum da kwamfuta a hannu. Maganar kuma ta canza salo, domin yanzu akwai hujja:

"Hajiya, barka da aiki. Kalandar nan da muka turo ranar Talata, ita muke jira. Sai kin duba ta za mu samu damar fara fulayar da kika aiko jiya."

Wanda ya ji cewa sabon aikinsa ne ke tsaye saboda tsohon, yakan duba nan take. Shekara da shekaru ana roƙon mutane su riƙa amsawa da wuri ba su yi, amma wannan jimla ɗaya tana aiki, saboda ba roƙo ba ce, bayanin yadda abin yake ne.

Duk da haka akwai wanda zai yi shiru ko an bi shi. Don haka a rubuta ƙa'ida a jikin allo, a sanar da kowa tun farko: kwana biyu na aiki ba amsa, a tuna masa, kwana biyar ba amsa, a cire katin a mayar da shi Sabbin Buƙatu da alamar an dakatar, kuma idan ya dawo zai bi layi kamar kowa. A kula, wannan ƙofa ce da za a iya mayarwa hanyar zamba. Idan kuka ga kuna dakatar da kati uku huɗu kowane mako don kawai ku samu gurbi, kun sake buɗe ramin da kuka rufe.

Idan gyara ya dawo

Wannan tambaya ce da masu zane ke yi tun ranar farko, kuma amsarta tana da muhimmanci. Kati ba ya komawa baya. Idan mai aiki ya dawo da gyara, katin yana nan a gidansa, a ja masa ɗan layi ɗaya a kusurwa alamar zagaye na farko, mai zanen ya yi gyaran kafin ya taɓa komai sabo.

Dalilin shi ne allon zai iya cijewa gaba ɗaya. A ce Ana Zane cike yake da huɗu da aka gama, suna jiran gurbi a Dubawa. Dubawa cike take da biyu, suna jiran gurbi a Wurin Mai Aiki. Shi kuma cike yake da huɗu masu gyara, suna jiran gurbi a Ana Zane. Kowa yana jiran kowa, babu mai motsi. Barin katin a inda yake yana kawar da wannan. Sannan layukan kusurwar suna ba da labari da kansu. Katin da ya kai layi uku, matsalarsa ba a zane take ba, bayanin farko ne bai cika ba, ko kuma akwai wani mai faɗa-a-ji a bayan fage da ba a sa sunansa ba. A nan sai a daina tura fayil, a zauna da mai aikin fuska da fuska.

Gaggawa, ranar da ba ta motsi, da ƙananan ayyuka

Za a samu aikin da ba ya jira da gaske, kamar sanarwar rasuwa ko kuskuren lambar waya a tallar da ta riga ta fita. A ja layi ɗaya a kwance a saman allon don irin wannan, iyakarsa kati 1. Shi kaɗai ke da izinin tsallake layi da ƙetare iyaka. Mutum ɗaya ne ke da ikon sa kati a ciki, kuma duk lokacin da aka sa, a faɗi aikin da aka ajiye dominsa.

"Ranka ya daɗe, za mu yi shi yanzu. Amma bana ta taron Asabar ce za ta tsaya, sai gobe da yamma. A ci gaba?"

Sau da yawa a nan gaggawar ke saukowa. A riƙa ƙirga katunan da suka bi ta layin. Ɗaya a mako ba laifi. Idan kullum akwai, ba gaggawa ba ce, hanyar manya ce ta kauce wa layi.

Aikin da ke da tsayayyar rana, irin gaisuwar Sallah ko kayan taro, ba gaggawa ba ne idan an ɗauko shi a kan kari. A rubuta ranar da jan maka, a cire kwanakin da maɗaba'a ke buƙata, a sake cire kwanakin da aiki ke ɗauka a allonku, ranar da ta rage ita ce ranar da dole ya shiga Ana Zane.

Ƙananan ayyukan da ba su kai rabin awa ba, canza kwanan wata ko rage girman hoto, kada a yi wa kowanne kati. A ba mutum ɗaya su a kowane mako bi da bi, ya riƙa yin su a awa ɗaya tsayayya kullum, sauran ukun a bar su su yi zane.

Tafiyar da allon

Kowace safiya a tsaya gaban allo minti goma. A fara daga dama, daga katin da ya fi kusa da fita, a yo hagu. Tambayar ba "me ka yi jiya" ba ce, tambayar ita ce me zai sa katin nan ya matsa yau. Kowane kati da ya kwana a allo a ɗiga masa ɗigo ɗaya, ta yadda tsohon kati zai fito fili ba sai an tambaya ba. Wanda wani abu ya tare, a manna masa jar takarda a rubuta dalili, kuma yana nan cikin ƙirgar iyaka.

Sau biyu a mako, misali Litinin da Alhamis, shugaban masu zane da wanda ke wakiltar masu kawo aiki su cike guraben Na Gaba. Idan gurbi biyu ne kuma buƙatu tara ke jira, masu buƙatun ne za su daidaita tsakaninsu, ba mai zane ne zai sha wannan rigima ba. Duk buƙatar da ta zo ta waya ko ta baki, amsarta ɗaya ce cikin ladabi: a rubuta mata kati.

Katunan nan 24 na farko fa? Kada a fara sabon aiki ko ɗaya sai an sauko ƙasa da iyaka. A bi goma sha ɗayan da ke wurin masu su da kira, za a tarar wasu an riga an yi amfani da su ba a faɗa ba, wasu taron ma ya wuce. Waɗanda aka ɗan taɓa kawai a mayar da su Sabbin Buƙatu, a gaya wa masu su gaskiya. Makon farko yana da zafi, domin a lokacin ne mutane ke jin "ba mu fara naka ba tukuna" karo na farko.

Idan masu zanen ba a ɗaki ɗaya suke ba, manhaja za ta maye gurbin bango. A Jira ana sa wa kowane gida mafi yawan adadi, sai ya koma ja idan an wuce. A Trello akwai ƙarin da ake kira List Limits mai canza launin gidan da ya cika ya batse. Dukansu gargaɗi kawai suke yi, ba sa hana a ƙara kati, don haka riƙon dokar yana wuyan mutane.

Yadda za a gane ko lambobin sun yi

A bayan kowane kati a rubuta ranar da ya shiga Ana Zane da ranar da aka miƙa shi. Idan an tara kati 20, a jera kwanakinsu daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki na 17. Wannan shi ne kashi 85 cikin ɗari. Idan na 17 ɗin kwana 8 ne, kuna iya gaya wa mai kawo aiki cewa daga ranar da aka fara, yawanci ba ya wuce kwana takwas. Ya fi alƙawarin "gobe in sha Allahu" da ba a auna shi da komai ba.

Iyakar da mako uku suka wuce ba a taɓa cika ta ba, ta yi yawa, a rage ɗaya. Idan kuma masu zane suna yawan zama ba abin yi, kada a yi saurin ɗaga ta, a fara duba gidan da ya toshe. In Dubawa ce, galibi saboda mutum ɗaya ne ke duba komai, sai a ba sauran izinin duba aikin juna, a bar masa manyan ayyuka kawai. In Na Gaba ne ya bushe, masu kawo aiki ne ba sa cika sharuɗɗa biyar ɗin nan, sai a taimaka musu da takardar cikewa. Sai an tabbatar babu ɗaya daga cikin waɗannan za a ƙara lamba, kuma ɗaya-ɗaya, gida ɗaya a lokaci guda, a jira mako biyu a ga sakamako.

Alama ta ƙarshe ba a allo ake ganin ta ba. A ɗan zagaya da rana a dubi abin da ke buɗe a kwamfutocin masu zane. Idan akwai fayil ɗin da ba shi da kati, kada a yi wa mai zanen faɗa, domin yawanci wani babba ne ya roƙe shi kai tsaye ya ji nauyin ƙi. A rubuta wa aikin kati nan take, a manna shi a gidan da ya dace ko da iyaka za ta wuce, sannan shugaban masu zane ya je ya yi magana da wanda ya kawo shi, ya nuna masa allon da layin da aikinsa ya tsallake.